Fanshon Baba ya tsaya, an ce sai ya tabbatar yana raye

Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan fansho ne, shekararsa 81. A watan Oktoba ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka yi makonni a asibiti, yanzu yana kwance a gidana. Ashe a watan Nuwamba aka yi tantancewar shekara, ba mu sani ba, saboda saƙon ya shiga layin da ke hannun yayana, kuma katin bankin Baba ma yana wurinsa. Wata uku ke nan ba a biya shi ba, ni kaɗai nake sayen magani. Yaya ya kawo wani mutum da ya ce zai gyara komai ba sai an kai Baba ba, in za a ba shi kuɗin wata ɗaya da lambobin Baba. Shi kuma Baba ya ce bayan shekara 35 yana aiki ba zai bari a ɗauke shi ranga-ranga don ya roƙi a yarda yana raye ba. Kuɗin nan sun tafi ke nan? In yarda da mutumin? Raina a ɓace yake da Yaya, amma ba na son rigima a gaban mara lafiya.

Daga wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan jinyar da kike yi. Bari in fara da abin da na san shi ne yake hana ki barci: a tsarin fansho na ko'ina da na sani, wanda ya tsallake tantancewar shekara dakatar da biyansa ake yi, ba soke haƙƙinsa ba. Fansho haƙƙi ne da mutum ya samu da shekarun aikinsa, kuma yana bin sa muddin yana numfashi. Abin da ofis ya rasa shi ne hujjar cewa mai haƙƙin yana nan, don haka sai ya riƙe kuɗin har hujjar ta zo. Ranar da ta zo aka karɓa, ana mayar da sunan cikin jerin biya, a lissafa watannin da aka riƙe a biya su, abin da 'yan fansho suke kira ariyas. Kuɗin Baba suna nan a rubuce da sunansa. Aikin da ke gabanki shi ne buɗe ƙofar, kuma hanyar buɗe ta sananniya ce.

Sai dai kafin ki tashi, ki tabbatar da cewa ƙofar da kike zato ita ce ta rufe. Rashin shigowar alat ba ya nuna dalili, abu uku daban suna iya haifar da shi, kuma maganin kowanne daban. Ki nemi bayanin shige da fice na asusun Baba na wata shida da suka wuce. Banki ba zai ba ki kai tsaye ba tunda ba asusunki ba ne, amma zai karɓi buƙatar da Baba ya sa wa hannu ko ya dangwala wa yatsa, wasu kuma sukan tura wa mai asusun ta waya. Ki duba da kyau. In kin ga kuɗin Nuwamba sun shigo kamar kullum, daga Disamba kuma shiru, babu ko alamar shigowa, to wannan ita ce fuskar dakatarwa: tana faɗowa ne daidai kan watan da ya biyo bayan rufe tantancewa. In kuwa ofishin fansho ya ce shi ya tura kuɗi amma sun dawo, matsalar a banki take, wataƙila an taƙaita asusun saboda katin shaida ya ƙare ko ana son sabunta bayanai, kuma ko Baba ya yi tantancewa sau goma kuɗi ba za su zauna ba sai an gyara can. Na uku shi ne a ga kuɗin sun shigo an kuma cire su. Ba ina zargin kowa ba ne. Ina so ne ki samu takardar a hannu domin ta raba ki da zato, tunda zato shi ne yake ɓata zumunci fiye da gaskiya komai ɗacinta.

Mu ɗauka dakatarwa ce, wanda shi ne ya fi kama da abin da kika bayyana. Mataki na gaba shi ne ki je ofishin da ke biyan fanshon, ko ki kira lambarsu da ke kan takardun Baba, ba wadda wani ya ba ki a baki ba. Wannan zuwan na farko ba ya buƙatar Baba. Ki tafi da lambar fanshonsa, da katin shaidarsa, da naki, da takardar asibiti da ta nuna ranar da aka kwantar da shi da ranar da aka sallame shi. Wannan takardar ta ƙarshe tana da nauyi, domin ita ce take nuna cewa a watan tantancewar yana kan gadon jinya. Ki tambaye su abin da aka rubuta a gaban sunansa da kuma daga wane wata, sannan ki tambayi wace hanya suka tanada wa wanda ba ya iya tashi. Ki yi wannan tambayar da waɗannan kalmomin, don ma'aikacin da ke kan tebur yakan ce kawai "a kawo shi" saboda ita ce amsar da ya saba bayarwa sau ɗari a rana. In ya tsaya a kan haka, ki nemi ganin na gaba da shi, ki kuma bar buƙatarki a rubuce, a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki da kwanan wata.

Ina ƙarfafa ki kan wannan ne saboda babu tsarin fansho mai hankali da bai san cewa mutanensa tsofaffi ba ne, kuma tsufa yana tafe da kwanciya. Hanyoyin sukan zama uku. Akwai ta waya, inda ake ɗaukar fuskar mutum ko zanen yatsansa a gwada da abin da ke rumbun bayanai. Indiya ta fara irin wannan tun watan Nuwamba na 2014 da tsarin da take kira Jeevan Pramaan, har ma'aikacin gidan waya yakan je gida da na'urarsa ya ɗauki shaidar tsohon da ba ya fita. A Najeriya ma hukumar PTAD, mai kula da tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari, tana da nata mai suna I Am Alive, da fuska ko da yatsa. Akwai ta takarda, inda wani mai muƙami da ofis ya amince da shi yake ganin mutumin ido da ido ya sa hannu ya buga hatimi. Haka Faransa take yi wa 'yan fanshonta da ke zaune a ƙasashen waje, sau ɗaya a shekara, hukumar wurin da mutum yake ita ce take cike takardar. Birtaniya ma takan aika wa nata irin wannan takarda, shaida ya sa hannu, kuma ba a karɓar ɗan uwa na jini ko na aure a matsayin shaidar. Ta uku ita ce ziyara, ma'aikacin ofis ko na banki ya zo har ɗakin mara lafiya. Ofishin Baba yana da aƙalla ɗaya daga cikinsu ko abin da ya yi kama da ita, kuma wajibinsa ne ya faɗa miki wacce.

In hanyar waya ce aka ba ku, ga abin da ya kamata ki sani tun kafin ki fara, don kada gazawar farko ta karya miki gwiwa. Yatsan tsoho ba kamar na matashi ba ne. Fata tana saki, layukan da na'ura take karantawa suna shafewa, bushewa kuma tana ƙara ɓata hoton. Hannun da ya shanye yakan danƙare, ba ya kwanciya sosai a kan gilashin. Ki gwada hannun mai lafiya, ki gwada yatsa fiye da ɗaya, a ɗan jiƙa fatar in ta bushe sannan a goge. Ta fuska kuma manhajar takan ce mutum ya ƙifta ido ko ya juya kai, domin ta tabbatar ba hoto aka ɗora mata ba. Ki zaunar da Baba a jingine, haske yana dukan fuskarsa daga gaba ba daga baya ba, a cire hula da tabarau, a zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa, galibi da hantsi. Amma ciwon nan yakan karkatar da baki ko ya sauke fatar ido ɗaya, hoton da ke rumbunsu kuma wataƙila na shekara goma baya ne. In kin gwada sau uku ko huɗu ta ƙi, ki dakata. Kada ki wahalar da shi yana ƙifta ido har ya gaji ya ji kamar wasa ake yi da shi. Ki ɗauki hoton saƙon gazawar da ya fito a fuskar waya, ki kai ofis tare da takardar likita, ki ce na'ura ta ƙi, a ba ku hanyar takarda ko ziyara. Gazawar na'ura ba laifin mai fansho ba ce, kuma ba hujja ba ce ta ci gaba da riƙe masa kuɗi.

Ga wani tarko da mutane da yawa suke faɗawa. Turawa daban, karɓuwa daban. Mutum zai ga waya ta ce an yi nasara, ya koma gida ya kwanta, ashe can a ofis an ƙi karɓa saboda lambar fansho ta kuskure da harafi ɗaya, ko sunan da ke katin shaida ya bambanta da na takardar ritaya, ko ranar haihuwa ba ta zo ɗaya ba. Na taɓa raka wata dattijuwa wani ofis kan irin wannan. Ta yi tantancewarta a kan lokaci, tana riƙe da rasit, amma wata biyu ba kuɗi, sai da aka buɗe fayil aka ga an haɗe sunanta biyu a wuri ɗaya an raba su a wani. Gyaran bai ɗauki awa guda ba, ganowar ce ta ci wata biyu, don ba wanda ya koma ya tambaya. Saboda haka duk hanyar da kuka bi, ki karɓi lambar shaida ko rasit, ki adana, sannan bayan mako ɗaya ki koma ko ki kira ki tambaya ko an karɓa an kuma mayar da sunan cikin jerin biya.

Yanzu lissafin kuɗin, don ki san abin da za ki jira da lokacin da za ki fara damuwa. Ofisoshin fansho sukan rufe jerin biyan kowane wata kwanaki kafin ranar biya, domin a haɗa shi a tura banki. A ce ofishin Baba yana rufewa a tsakiyar wata, ku kuma aka karɓi shaidarku ranar 20 ga Maris. Jerin Maris ya riga ya tafi, don haka ƙarshen Maris zai zo babu alat, kuma wannan ba ya nufin an ƙi ku. A ƙarshen Afrilu ne sunan zai fito. Abin da Baba yake bi a lokacin shi ne Disamba, Janairu, Fabrairu da Maris, wata huɗu, sai kuma na Afrilun kansa, jimilla wata biyar. Wasu ofisoshin suna haɗawa su biya gaba ɗaya. Wasu suna fara biyan na wata kawai, ariyas ɗin ya biyo baya, wani lokaci ma sai an cike masa fom na daban. Ki tambayi wanne ne nasu tun ranar tantancewa, in akwai fom ki cike a ranar. Idan kuɗin suka shigo ki raba jimillar da abin da yake karɓa a wata, ki ga ko ta kai biyar. In an yi ƙarin fansho a cikin watannin, ki duba ko an lissafa da shi. In na wata ya dawo amma aka yi wata biyu babu ariyas, ki rubuta takarda da lambar fansho da sunayen watannin ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da bayanin banki da ke nuna ba su shigo ba.

Abin da ba na so ki yi shi ne jinkiri. Wata uku ƙaramin abu ne, ma'aikacin tebur yana iya warware shi. Amma dakatarwa in ta daɗe nauyinta yana ƙaruwa. A Indiya, misali, fanshon gwamnatin tarayya da aka yi shekara 3 ba a karɓa ba, banki ba ya iya sakinsa da kansa, sai an koma an nemi amincewar hukuma ta sama. Kowace ƙasa da nata wa'adin, amma tafiyar ɗaya ce: fayil ɗin da ya daɗe shiru ana fara ɗaukarsa kamar na mamaci, kuma dawo da shi yana buƙatar sa hannun mutane da yawa. Akwai kuma maganar da ba a son faɗa a gidan da ake jinya, amma zan faɗa miki don ke ce mai ɗauke da nauyin. Rai a hannun Allah yake. Haƙƙin watannin da mutum ya rayu ba ya faɗuwa da rasuwarsa, yakan koma ga magada, sai dai karɓarsa ta wannan hanyar doguwa ce, da takardar shaidar rasuwa da ta gado da jira. Abin da Baba zai iya kammalawa da ƙifta ido ɗaya a wannan makon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi cancanta ya ci moriyar guminsa yanzu da yake buƙatar magani.

Mutumin da Yaya ya kawo kuwa, ki sallame shi cikin mutunci, kada ki ba shi ko lamba ɗaya. Ki yi tunanin abin da yake sayarwa. Tantancewar nan gaba ɗayanta an gina ta ne a kan gani ya kori ji: wani ko wata na'ura ta ga mai fanshon da ransa. Wanda ya ce zai yi ba tare da an ga Baba ba, to ɗayan biyu ne. Ko dai ba abin da zai yi, ya karɓi kuɗi da lambobi ya ɓace, kuma wanda ya haɗa lambar fansho da lambar asusu da lambar sirrin da ake turowa a waya ya samu makullin asusun, ya kuma san cewa kuɗin wata biyar suna hanya. Ko kuma zai yi da gaske, ta hanyar sa hannun ƙarya ko haɗin baki da wani a ciki. Wannan na biyun ya fi muni, domin ranar da aka yi bincike aka gano, fayil ɗin Baba ne zai shiga cikin na bogi. Mutumin da ke da gaskiya tsantsa, mai takardar asibiti a hannu, sai ya koma wanda ake tuhuma, kuma dakatarwar bincike ta fi ta rashin tantancewa wuyar warwarewa. Tantancewa a ofis ba a sayar da ita. In akwai wani ɗan caji, kamar na zuwa gida a wasu wurare, sananne ne kuma ana ba da rasit. Haka nan ki sani, ko takardar wakilci da lauya ya rubuta ba ta maye gurbin ganin mutum. Tana ba wakili damar kai takardu da bin sawu, amma ba ta ba shi damar ya rayu a madadin wani.

Sai Baba. Na daɗe ina juya maganarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya ofis da ƙafarsa, ana tashi ana gaishe shi, yau yana jin za a ciccibe shi a ajiye a layi jama'a na kallo. Ba tantancewar yake ƙi ba, 'yar uwa, kallon yake ƙi. Ciwon nan yana ƙwace wa mutum iko da jikinsa a dare ɗaya, kuma "a'a" ɗin nan tana cikin 'yan abubuwan da suka rage a hannunsa. Don haka kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ce masa kuɗin magani sun ƙare, wannan zai ƙara masa jin cewa ya zama kaya. Ki bari sai kin dawo daga ofis da hanya a hannu, sannan ki zauna kusa da shi ki ce, "Baba, ba inda za a kai ka. Su ne za su zo, ko kuma mu yi a nan ɗakin da waya, minti biyar." Ki bar masa zaɓin rana da kayan da zai sa. In akwai wani abokin aikinsa na da wanda shi ma yake yin tantancewar duk shekara, ki roƙe shi ya zo gaisuwa. Abin da tsara zai faɗa masa cikin raha ya fi shiga kunnensa fiye da roƙon 'ya.

In ya sake cewa ana zarginsa da ƙarya ne, akwai amsa ta gaskiya da za ki ba shi. Ofishin fansho ba ya jin labarin rasuwa da kansa. A ƙasar da rajistar mutuwa take aiki sosai ba a ma tambayar mutane: Faransa ba ta neman wannan takarda daga wanda ke zaune a cikinta, don rajista tana sanar da ofis. Burazil ma tun 2023 ta ɗora wa hukumar fanshonta nauyin nemo shaidar da kanta, daga abubuwa kamar yin allurar rigakafi ko kaɗa ƙuri'a ko sabunta katin shaida. Inda babu wannan haɗin, sai a tambayi kowa, mai gaskiya da maƙaryaci. Kuma ba a banza ba. A Japan a 2010 jami'ai suka je gidan Sogen Kato, wanda ake ɗauka shi ne namiji mafi tsufa a Tokyo da shekara 111, suka tarar ya rasu kimanin shekara 30 baya, gawarsa tana ɗaki, iyali suna karɓar kuɗin fansho da sunansa. Duk kuɗin da ya tafi ga irin wannan, daga tukunyar da ake biyan masu rai irin Baba ya fita. Ina ganin tsarin da ke sa mara lafiya ya bi ofis yana da gyara, kuma zan ci gaba da faɗar haka, amma tambayar kanta ba cin fuska ba ce.

Game da Yaya, ɓacin ranki yana da dalili. Wanda ya riƙe layi da kati ya riƙe amana, kuma duba saƙo yana cikin amanar. Amma ki tuna watan da saƙon ya zo. Shi ma mahaifinsa ne yake kwance a asibiti, saƙon ofis kuma yakan zo ne a tsakiyar tarin saƙonnin talla, da turanci ko da gajerun kalmomin da ba kowa ke gane nauyinsu ba. Kawo wancan mutumin ma, a nawa karatun, ya fi kama da aikin wanda kunya ta kama yana neman gyara cikin gaggawa. Ina iya yin kuskure, kuma bayanin banki zai nuna. In ya fito da tsabta, ki bar maganar laifi ta wuce, ki kira shi gefe, ba a ɗakin Baba ba, ki ce masa, "Yaya, na je ofis, ga abin da suka ce. Ina so mu yi tare." Ki ba shi aiki na gaske: shi ya bi sawun banki, ke ki bi na ofis, kuma ya kasance a wurin ranar tantancewa, tunda lambar sirrin za ta iya shigowa layin da ke hannunsa kuma takan mutu cikin 'yan mintuna. In kuwa takardar ta nuna an cire abin da ba a yi wa Baba bayaninsa ba, wannan ba maganar da za ki ɗauka ke kaɗai ba ce, ki sa wani babba da Yaya yake jin nauyinsa, a zauna da takardar a gaba.

Ko yaya ta kaya, layin nan ya kamata ya koma inda Baba yake kwana. Ba don an ƙwace wa Yaya girma ba, sai don saƙon ofis da na banki su riƙa sauka a gidan da mai su yake. Ku yi wannan da yardar Baba, shi ya faɗa da bakinsa, a kuma sanar da ofis da banki a rubuce in lamba ko adireshi ya canza. Kuɗin maganin da kika kashe ma kada ki haɗiye su cikin shiru har su zame miki ƙulli a zuci. Ki rubuta su da rasit ɗinsu, ki nuna wa Baba da Yaya tun kafin ariyas ya shigo, a yanke abin da za a mayar miki. Maganar kuɗi ta fi sauƙi kafin kuɗin su iso.

Ranar da aka gama, ki yi wa ma'aikacin tambaya ɗaya ta ƙarshe: yaushe ne na gaba? Kada ki ɗauka shekara ce cif daga ranar. A wasu tsare-tsaren shaida tana aiki wata 12 daga ranar da aka bayar, amma a wasu watan a kafe yake ga kowa, wanda ya yi a Maris sai ya sake a Nuwamban da ke tafe, bayan wata takwas kacal. Ki tambaya kuma ko ana buɗe wa manya da wuri, kamar yadda Indiya take barin masu shekara 80 zuwa sama su fara tun 1 ga Oktoba kafin cunkoso, da kuma ko za a rubuta a fayil ɗin Baba cewa ba ya iya zuwa, don badi kada ku faro daga tushe. Ki sa ranar a wayarki da ta Yaya, ku yi a makon farko da aka buɗe, yadda in na'ura ta ƙi za a samu sauran kwanakin gyara. Takardun kuma, lambar fansho da kwafin katin shaida da takardar likita da rasit ɗin bana, ki haɗa su a jaka ɗaya, ki ɗauki hotonsu ki tura wa Yaya. Gobe da safe ki fara da bankin, kuma ki rubuto mini abin da bayanin asusun ya nuna.